Malam Nawa da Malam Nata

Ba zan taɓa mantawa da ranar addu'ar shekarar Malam ba, kuma ko na so in manta, matan gidanmu ba za su bar ni ba. Ni ban yi boko ba, ban san yadda ake riƙe alƙalami ba. Maƙwabciyata Malama Rabi ce take rubuta wannan, ita da ta ƙare ƙuruciyarta tana koyar da yara a firamare. Na ce mata ta rubuta yadda na faɗa, kada ta rage mini kunyar ko kaɗan, tunda da ƙafata na je na sayo ta.

Malam mijina ne. Shekara arba'in da ɗaya muna tare a ɗaki biyu da baranda a unguwar Nima ta Accra, a gidan da har yau nake ciki. Albasa yake sayarwa, tun kasuwarta tana Agbogbloshie, kuma ƙamshinta bai taɓa barin rigunansa ba ko da na wanke su sau uku. Har yanzu akwai wata shuɗiyar riga da na hana a bayar. Idan kewa ta taso mini nakan buɗe akwati in sa fuskata a ciki, in yi kukana in rufe. (Rabi ta ɗaga kai tana kallona. Rubuta, ai ba sata na yi ba.)

A duk shekarun nan ban taɓa kiran sunansa ba. Haka uwata ta yi wa ubana, haka na tashi na gani. Malam nake cewa. Ko ranar da muka je asibiti ma'aikaciya ta tambaye ni sunan mara lafiya, sai da na juya na kalli 'yata Asabe ta faɗa. Yaran yanzu suna yi mini dariya, su da suke kiran mazajensu kamar suna kiran mai sayar da ruwa. Ni dai bakina bai saba ba.

Shi kuma Malam ba ya son hoto. Ranar suna, ranar biki, da ya ga an ɗaga kyamara sai ya tuna yana da alwala da zai sabunta. Da ya rasu, abin da ya rage mini na fuskarsa shi ne ɗan hoton jikin katin shaida, wanda aka ɗauka yana cikin ciwo, ya ɗaure fuska kamar an kama shi da laifi. Ba Malam ɗina ba ne wannan. Abin da ya fi tsorata ni kuwa, wata bakwai da rasuwarsa sai na lura fuskarsa ta fara guje mini. Ina jin muryarsa, ina jin tarinsa na asuba, ina ganin gemunsa da hularsa. Amma in na rufe ido ina neman abin da ke tsakanin gemun da hular, sai in ga kamar ana kallon mutum ta cikin ruwan wanki. Ban gaya wa kowa ba. Wace mace ce za ta ce ta fara manta fuskar mijin da ta yi shekara arba'in tana zuba wa tuwo?

Ana cikin haka, wata ranar Talata da hantsi ina tsince shinkafa a baranda, wayata ta yi ƙara. Asabe ce ta saya mini wayar, ta koya mini abu biyu: danna nan ki yi magana, danna nan ki saurara. Na duba, sai na ga hoto daga wata lamba da ban sani ba. Babu sallama, babu rubutu, babu murya. Hoto kawai, kamar an jefo shi ta kan katanga.

Tsohon hoto ne, baƙi da fari. Maza ne a jere gaban wata babbar mota mai jikin katako, wasu a tsaye, wasu a tsugune. Na kai wayar kusa da ido, na nisanta ta, na sake matso da ita. A tsakiyar na tsaye akwai wani dogo mai farar hula, ya harɗe hannuwa a ƙirji, agogo na sheƙi a hannunsa, yana kallon gaba kamar motar tasa ce. Na ce wannan tsayuwar ta Malam ce. Shinkafar nan kaji ne suka ƙarasa tsince ta.

To, gaskiyar da ban tsaya na gaya wa kaina ba ita ce, ni ban san Malam yana saurayi ba. Lokacin da ya fara tsayawa sayen koko a wurina ya kusa arba'in, da gemunsa da tumbinsa. Na san dai ya yi yaron mota a Kumasi kafin ya zo Accra, yana bin motocin goro, domin yakan ba ni labari jefi-jefi. Saboda haka wanda na gane a hoton ba wanda na sani ba ne. Wanda nake so ya zama ne.

Na ruga ɗakin Rabi ko takalmi ban sa ba. Ta sa tabarau ta duba, ta ce ita ba ta ga kama sosai ba, amma kuma ba ta ga rashin kama ba. (Amsar malaman makaranta ke nan, ba sa faɗuwa jarrabawa.) Sai ta ce bari ta tambayi abin nan da ke cikin wayarta, wanda ake rubuta masa tambaya ya ba da amsa, har hoto ake nuna masa. Ita da shi take duba magungunanta da wasiƙun fansho. Ni Sarkin Sani nake ce masa, don ba a taɓa tambayarsa ya ce yana zuwa ba.

Rabi ta tura masa hoton, ta rubuta: su wane ne waɗannan? Ta riƙa karanta mini amsar tana mayarwa da Hausa. Ya ce maza goma sha biyu ne, bakwai a tsaye, biyar a tsugune. Ya ce akwai buhuna a bayan motar, kuma da alama hoton takarda ne aka ɗauka da waya, domin ga walƙiyar haske a kusurwa, ga ɗan yatsan wanda ya riƙe shi a gefe. (Ni ban ma ga yatsan ba.) Ya karanta rubutun da ke goshin motar, Sai Haƙuri. Ya ce yanayin tufafin ya nuna an daɗe da ɗaukarsa, amma ba zai iya yanke shekara ba. Ina ta gyaɗa kai, ina cewa lallai wannan ya san aikinsa. Sai ya zo wurin da nake jira, ya ce babu suna a rubuce ko'ina a hoton, kuma shi ba ya faɗin ko wane ne mutum ta hanyar kallon fuskarsa.

Na ce wa Rabi wataƙila bai san Malam ba ne, mu nuna masa. Na ɗauko katin shaida, ta rufe sunan da yatsa ta ɗauki hoton fuskar, ta tura, ta tambaye shi ko mutumin nan shi ne mai farar hula. Nan ma ya ƙi. Ya yi mini ta'aziyya da ladabi, sannan ya ce haɗa fuska da fuska a ce mutum ɗaya ne, shi ma gane mutum ne ta fuska, kuma ba ya yi. Ya ce ba don ya zarge mu da wani abu ba. Da yana yi, da kowa zai iya ɗaukar hoton baƙuwar mace a tasha ya tambaye shi ko wace ce, shi kuma ba shi da hanyar tantance mai kyakkyawar niyya da mai mugunta, don haka bai ware kowa ba. Ya ƙara da cewa kama tana ruɗi, balle tsakanin tsohon hoto mai dishi-dishi da fuskar dattijo, kuma ba ya so ya ba ni tabbacin da zai iya zama ƙarya a kan abu mai nauyi irin wannan.

Raina ya ɓaci. Na ce wa Rabi ta gaya masa ni ba 'yar sanda ba ce, matar mutumin ce, takabarsa na yi. Abin da ya ƙirga buhuna, ya ga ɗan yatsa, shi ne zai ce bai ga mijina ba? Rabi ta ce ba cewa ya yi bai gani ba, cewa ya yi ba zai faɗa ba. Na ce to ai ya fi muni.

Ya dai ba mu shawara, kuma shawarar mai kyau ce, in ba shi haƙƙinsa. Ya ce wanda ya aiko hoton shi ya fi kowa sanin dalilin aikowa, mu tambaye shi. Mu roƙe shi ya faɗi sunayen ɗaya bayan ɗaya, layin baya daga hagu zuwa dama, sannan layin gaba. Mu ce ya ɗauko mana bayan hoton, domin mutanen da sukan rubuta suna a nan. Ya ce in akwai suna a rubuce zai karanta mana, in kuma mu muka gaya masa wane ne wane, zai karɓa a matsayin maganarmu ya ci gaba da taimaka mana a kanta.

Wannan ta ƙarshen ce na kama. Na ce wa Rabi ta rubuta masa cewa mai farar hula mijina ne. Ta rubuta. Ya amsa da cewa, bisa ga abin da na faɗa, mijina yana tsaye a tsakiya, da farar hula da agogo, ya harɗe hannuwa. Na buga cinya na ce, kin ji ko, ya amsa da bakinsa! Rabi ta ce, "Hajiya, maganarki ce ya maido miki. Ya ce bisa ga abin da kika faɗa." Na ce mata ita dai boko ya cika mata kai. Kafin la'asar duk gidan sun ji cewa har na'ura ta shaida Malam ne. (Na san Rabi tana jin daɗin rubuta wannan wurin. Ga bakinta nan yana motsi.)

Amma kada a ce ban bi shawara ba sam. Na bi, rabi. Na kira lambar sau biyu ba a ɗauka ba, sai na danna na yi magana. Na yi sallama, na yi godiya, na ce na ga hoto, Allah ya saka da alheri. Sannan na ce, don Allah, na tsakiyar nan mai farar hula da agogo, Malam ne ko?

Washegari amsa ta zo. Muryar wata dattijuwa ce, da Hausar mutanen Kumasi. Ta gaishe ni, ta yi mini ta'aziyya, ta ce sun ji rasuwar a makare. Ta ce, "Ei, Hajiya, idonki da kyau. Malam ne mana, shi ne mai farar hula. Lokacin yana ji da kansa." Ta ce in Allah ya yarda za su zo addu'ar shekara, in sanar da su rana.

Na saurari muryar nan ya fi sau goma, ina kuka ina dariya. Rabi ta saurara sau ɗaya ta tambaye ni ko na faɗi sunansa a saƙona. Na ce ta taɓa jin na faɗa? Ta ce to bari ita ta tura saƙo ta faɗa, ta kuma nemi bayan hoton. Na hana ta. Na ce matar nan ta girme mu, ta ba da amsa sarai, sake tambaya kamar ƙaryata ta ne. A raina kuwa tsoro nake ji. Na samu abin da nake nema, ba na son kowa ya taɓa shi.

Asabe ta zo daga Maamobi ta duba, ta ce, "Mma, Baba ya taɓa yin tsawo haka?" Na ce mata tsufa yana rage mutum, ita ma ta jira. Na nuna wa wani tsoho da suka yi kasuwa tare da Malam, ya kalla ya kalle ni, ya ga idona ya kawo ruwa, ya ce kamar shi kuwa. Wa zai yi gardama da matar mamaci a kan fuskar mijinta? Kowa ya bar ni da abina.

Muka shiga trotro, motar haya, ni da Rabi zuwa wurin wani mai hoto a Kokomlemle. Na ce ya ciro mini mai farar hula shi kaɗai, ya ƙara masa girma. Ya ce hoton hoto ne, in an buɗa shi zai yi dishi-dishi, kuma in ya sa kwamfuta ta gyara fuskar sosai, ƙirƙiro abin da babu za ta yi, sai ta ba ni wani mutum daban. Na ce a'a, kada a taɓa mini fuskar Malam. (Ku ji fa. Ina tsaron fuskar kamar na san ta.) Sai ya nuna mini wata matsala. Akwai wani a tsugune daidai gaban mai farar hula, gashinsa ya tokare masa ciki. Wani siriri ne, ya tara suma kamar kwandon da aka kife, da wando mai faɗin ƙafa, da kunnuwa a baje, ya wage baki yana dariya har ana ganin wushirya. Tun ranar farko yaron nan yake ba ni haushi. Kowa ya natsu a hoton, shi kaɗai yake wasa.

Na ce, "Wannan ɗan tashar, goge shi. Dubi kunnuwa kamar faifai. Ban san me ya kai Malam tsayawa kusa da irin waɗannan ba."

Mai hoto ya goge shi tsaf, ya cike wurin da farar riga. Aka sa a babban gilashi mai bakin zinariya. A ƙasa Asabe ta sa aka rubuta sunan ubanta cikakke, da Allah ya jiƙansa. Da na ga ya yi kyau sai zuciya ta ƙara ruɗa ni, na ce a buga ƙanana masu manne, a liƙa a murfin robobin da za a raba abincin sadaka. Rabi ta ce wannan ya yi yawa, al'adar maƙwabtanmu ce ba tamu ba, kuma limamin unguwa ba zai so ba. Na ce limamin bai yi shekara arba'in da Malam ba.

Wata biyar hoton nan yana rataye a kan gadona. Ina gaishe shi da safe. Ina ba shi labarin tsadar gawayi da ciwon gwiwata. Har na fara ganin Malam ɗina a cikinsa sosai, in na rufe ido fuskar mai farar hula ce take zuwa, da gemun Malam a manne. Na ce alhamdu lillahi, fuska ta dawo.

Ranar addu'a ta zo, Lahadi ce. Aka kafa rumfa a bakin hanya, maza suka zauna can da malamai. Mata muna cikin gida, tukwane a kan wuta tun asuba, shinkafa da wake, masa, da naman saniya. Na sa aka ajiye hoton a kan tebur a barandata, na shimfiɗa masa farin leshi. Duk wadda ta shigo sai ta tsaya ta ce, Allah sarki, ashe haka Malam yake da kyau. Ni kuma ina zaune a gefe da carbi, ina karɓar yabo kamar ni na haife shi.

Wajen sha ɗaya aka ce ga baƙi daga Kumasi. Wata gajeriyar dattijuwa ta shigo, da mayafi ruwan toka da jaka a hammata. Da ta yi sallama na gane muryar. Hajiya Ladi sunanta. Na tashi na rungume ta, muka yi kuka tare kamar mun san juna tun yarinta. Na ja hannunta zuwa tebur don ta ga abin da alherinta ya zama.

Ta tsaya. Ta kalli hoton, ta matsa kusa, ta kalle ni.

"Hajiya, me hoton Malam yake yi a nan?"

"Ai addu'arsa ake yi."

"Addu'ar wa?"

"Ta Malam mana."

"Malam yana waje yana cin masa."

Matan tsakar gida duk suka juyo suna kallonmu. Na ce a raina tafiya ce ta gajiyar da baiwar Allah. Na ce mata a hankali, ai ke da bakinki kika ce mini Malam ne. Ta ce ƙwarai, Malam ne, shekara hamsin tana aurensa, ba za ta kasa gane shi ba. Sai wata daga bayanmu ta ce, to wai Malam ɗin wa? Muka amsa tare, ni da ita, kowace ta dafa ƙirjinta: nawa.

Rabi ce ta fara ganewa. Na ji ta ce innalillahi a hankali, sannan ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa. (Ta ce in faɗa tari ne ya sarƙe ta. Ba tari ba ne.) Ashe Hajiya Ladi ma irina ce, ba ta kiran sunan miji. Na tambaye ta Malam, ta ba ni Malam. Ita a zatonta na san mijinta ne ta labarin da nawa yake ba ni, har ta yaba wa idona. Mu biyu mun kiyaye ladabi tsaf, ba wadda ta faɗi suna, sai ga shi mun yi wa mai rai addu'ar shekara.

Ban gama haɗiye wannan ba aka yi sallama daga zaure. Wani dogon tsoho ya shigo yana dogara sanda, da farar hula a kansa, da robar abinci a hannu. Alhaji Seidu ke nan, mijin Ladi. Kunnensa ya yi nauyi, don haka da ƙarfi yake magana, duk gidan na ji. Ya ɗaga murfin robar ya ce yana neman uwargida ne ya yi tambaya. Ya ce ya baro Kumasi lafiyarsa ƙalau, ya zo Accra ya tarar ya rasu, an ma canza masa suna, kuma ba wanda ya sanar da shi. Ya ce masar dai ta yi daɗi, in haka ake ciyar da mamata bai ga abin tsoro ba.

Gidan ya fashe. Masu tuƙa tukunya suka saki muciya. Wata ƙawata da muka yi tallar koko tare ta ce, "Hajiya, ashe wata biyar da mijin mutane kike kwana a ka." Wata ta ce a bar ni, takabata ta ƙare, ido ne ya fara zaɓe. Ni dai ina nan tsaye. Na ja mayafi na rufe fuska. Da ƙasar Nima tana buɗewa, da ranar na shige da zanena.

Alhaji Seidu ya ga halin da nake ciki, sai ya daina wasa. Ya sa aka kawo masa kujera, ya zauna a gabana, ya ce in yi haƙuri, laifinsa ne. Shi ya sa matarsa ta ɗauki hoton ta turo, da niyyar ya kira ni ya yi bayani, sai ciwo ya kwantar da shi, waya kuma ba ya jin ta. Ya zura hannu a aljihun babbar riga ya ciro ambulan. Ainihin hoton ne, gefensa duk ya cinye. Ya ce dama ni ya kawo wa.

Na ce, to Malam ɗina yana ciki kuwa?

Ya ce yana ciki mana, ga shi nan a gabansa, ai ko'ina tare suke. Ya ɗora yatsa a kan mai suma.

Na ce a'a. Na ce Malam ba shi da wushirya. Ya ce yana da ita, haƙoran ne ƙofar mota ta zubar a hanyar Tamale, aka sa masa na roba, tun daga nan ya daina dariya da baki buɗe. Na ce kunnuwan fa? Ya ce me nake tsammani ya sa mutumin yake danna hula har gira, ya kuma tsani kyamara? Su suka tsokane shi a kan hoton nan har ya rantse ba zai ƙara tsayawa gaban mai hoto ba. Sannan ya juya takardar. A baya akwai sunaye da ajami, da fensir, layi biyu. Aka kira ɗaya daga malaman ya karanta a hankali, yana bi da yatsa. Layin gaba, na uku daga hagu. Ya faɗi sunan da na yi shekara arba'in da ɗaya ina ɗauke da shi a baki ban furta ba.

Na karɓi hoton na kai shi hasken rana. Yaron ya dafa gwiwarsa da hannun hagu, ƙaramin yatsansa a lanƙwashe, bai kwanta tare da sauran ba. Yatsan nan na sani. Na sha riƙe shi, na yanke masa farce, shi na riƙe a asibiti ranar da ya tafi. Wata biyar yana cikin wayata ban kalle shi ba, saboda ina can ina kallon agogon wani.

Kukan da na yi a wurin ba irin na safe ba ne. Matan da suke dariya suka daina, Ladi ta zauna a ƙasa kusa da ni tana shafa bayana tana cewa kafra, kafra, wato sannu. Ina cikin kukan kuma sai na tuna abin da na ce wa mai hoto, dariya ta kama ni, na rasa wanne zan yi. Na gaya wa Alhaji Seidu cewa na sa an goge abokinsa, na kuma kira shi ɗan tasha. Ya ce ban yi ƙarya ba, ɗan tasha ne na gaske, shi ne mai sa direba dariya har ya kusa sakin sitiyari. Ya zauna har azahar yana ba ni labarin wani Malam da ban taɓa haɗuwa da shi ba, mai rawa, mai waƙa a saman buhunan goro, wanda ya taɓa sayar da takalminsa don ya shiga silima. Asabe tana gefe tana saurare, ta ture ɗankwali tana sosa kai, sai na ga kunnuwanta. Ni na haife ta, ni na huda su, ban taɓa tambayar inda ta samo su ba.

Robobin dai sun riga sun watsu cikin unguwa, ba yadda za a yi a dawo da su. Har yau akwai gidajen da suke zuba gishiri a cikin Alhaji Seidu. Babban hoton kuwa Ladi ce ta tafi da shi, ta ce ai kayanta ne. Rabi ta ce a cire rubutun ƙasa tukuna, Alhaji ya hana. Ya ce a bar Allah ya jiƙansa ɗin, zai yi amfani nan gaba, suna kawai za a gyara.

Da suka tafi, Rabi ta kwafe sunayen da boko a wata takarda muka liƙa a bayan sabon gilashin da muka sa hoton. Goma ne suka karantu. Biyu fensirin ya goge, Alhaji ma da aka tambaye shi kafin ya tafi ya kasa tuna su. Na so in ce wani daga ciki ya yi kama da wani mahauci da na sani, Rabi ta kalle ni ta saman tabarau, na haɗiye maganata. Aka bar gurbinsu fari.

Yanzu hoton gaba ɗaya ne a kan gadona, su goma sha biyu da motarsu, ban yarda a ciro kowa ba. Fuskar dattijon da na aura ba ta dawo mini duka ba, kuma na daina tilasta mata. Amma na samu wannan yaron mai suma, ina koyon sa a hankali, kullum da safe yana yi mini dariyar da bai taɓa yi mini ba yana raye. Na ba shi haƙuri a kan maganar faifai. Ina jin ya yafe, don bai rufe bakin ba.

Abin da na koya kaɗan ne, kuma a makare. Na yi fushi da na'ura don ta ƙi faɗin abin da ba ta da hujja a kai, ni da nake da hujja a hannu na ƙi tambaya. Kuma a Zongo, unguwanninmu na Hausawa, kowane gida da Malam ɗinsa. Sunan dai har gobe ba zan faɗa ba, na tsufa da canza baki. Amma in tambaya ta sake kamawa, zan tafi da Rabi ta faɗa, ni in gyaɗa kai.